Na rubuta amsoshi 28, amma waya ba ta daina ƙara ba

Maman Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Kekunan ɗinki nake sayarwa ta intanet, na gida da manya irin na kamfani, muna aika wa mutum har inda yake. Waya ta hana ni sakat, tun safe har dare tambaya ɗaya ake maimaita min. Sai na zauna na rubuta shafin tambayoyin da aka fi yi, har guda 28, kowace da amsarta. Wallahi kira bai ragu ba ko kaɗan. Har akwai masu kira su ce "na karanta abin da kika rubuta, amma dai ina so in tambaya". Ina matsalar take?

Yaron Alhaji: Anti ki sayi layi na biyu kawai, ki riƙa kashe shi da ƙarfe shida. Ni haka na yi na samu lafiya.

Maman Khalil: Ƙanena ba gudun kwastoma nake ba. Wanda zai saya ina so ya kira. Wanda ya kira sau uku a kan abu ɗaya shi ne damuwata.

Baban Amira: Wa alaikumus salam. Hajiya kafin kowa ya ba ki shawara, kwafo mana uku daga cikin tambayoyin da amsoshinsu, yadda suke a rubuce, kada ki gyara komai. Sannan ki gaya mana, 28 ɗin nan daga ina kika samo su? Daga bakin masu kira, ko daga kanki?

Maman Khalil: Wasu daga kaina, wasu na duba yadda wasu masu sayarwa suka rubuta nasu. Ga uku:

Me ya sa za ka saya a wurinmu? Saboda mun shahara da gaskiya da riƙon amana, kuma kayanmu masu inganci ne.

Yaushe kayana za su iso? Muna ƙoƙarin kai kaya cikin gaggawa, ya danganta da inda kake.

Akwai garanti? Eh akwai garanti a kan dukkan kayanmu. Domin ƙarin bayani a tuntuɓe mu.

Baban Amira: To ai ga amsar nan a hannunki. Na daɗe ina aiki a sashen amsa kiran kwastomomi, kuma irin waɗannan amsoshin su ne suke haifar mana da kira.

Ta farkon, babu mahalukin da ya taɓa ɗaukar waya ya kira ki ya ce "me ya sa zan saya a wurinku". Talla ce aka sa mata alamar tambaya. Illarta ba ɓata wuri kaɗai ba ne. Mai karatu idan ya ci karo da ita a sama, sai ya yanke hukunci cewa duk shafin yabon kai ne, ba zai sauka ƙasa ya nemi tasa ba.

Ta biyu, kin ce ya danganta da inda mutum yake. Shi ya san inda yake, ke ce kika san kwana nawa. Kin bar shi da rabin lissafi, ɗaya rabin yana wurinki, to dole ya kira ya karɓa.

Ta uku kuwa da bakinki kika ce a tuntuɓe ku. Sun bi umarni ne kawai.

Hajiya Mai Labule: Hahaha Malam ka taɓo ni. Ni ma "a tuntuɓe mu domin ƙarin bayani" tana ƙarshen kowace amsa tawa.

Mai Haɗa Shafi: Ni a ganina matsalar ta fi ƙarfin rubutu. Mutane ba sa karatu, shi ke nan. Tun 1997 wani mai bincike, Jakob Nielsen, ya gwada yadda ake karatu a intanet, ya samu kashi 79 cikin 100 ido kawai suke bi da shi sama-sama, kashi 16 ne ke bin kalma bayan kalma. Amfanin irin wannan shafin na gaske shi ne Google. Ki ƙara tambayoyin su kai 50, a sa musu alamar FAQPage a cikin lambobin shafin, sai su riƙa fitowa a ƙarƙashin sunanki idan an yi bincike.

Baban Amira: Binciken Nielsen gaskiya ne, amma hujja ce a kanka ba a gare ka ba. In mutum ido kawai yake bi da shi, ƙara masa tambayoyi zuwa 50 binne tasa ne a tsakiyar tarkace. Abin da binciken ke nufi shi ne a sa amsar a jimlar farko, inda idon zai faɗa. Maganar Google kuma ta tsufa. Tun watan Agustan 2023 suka sanar cewa waɗannan tambayoyin da ke fitowa a ƙarƙashin sakamakon bincike sun taƙaita su ga sanannun shafukan gwamnati da na lafiya. Mai sayar da keken ɗinki ba ta ciki.

Mai Haɗa Shafi: To na yarda da ta Google. Amma har yanzu ina kan bakana, akwai mutanen da ko me ka rubuta sai sun kira.

Baban Amira: Akwai su, za mu zo kansu. Amma ba su ne mafi yawa ba. A 2010 mujallar Harvard Business Review ta buga wani bincike na Matthew Dixon da abokan aikinsa, inda suka samu kashi 57 cikin 100 na kiran da ke shigowa kamfanoni daga mutanen da suka fara duba shafin kamfanin ne. Ma'ana sun so su taimaki kansu, shafin ne ya gaza. Daidai da masu ce wa Hajiya "na karanta amma dai".

Hajiya ga aikin da zan ba ki, kuma kada ki taɓa shafin sai kin gama shi. Ki ajiye littafi kusa da waya na mako biyu. Duk wanda ya kira, ki rubuta abu uku: tambayarsa da kalmominsa shi, ba naki ba, ya riga ya biya ko bai biya ba, sannan wannan ne kiransa na farko a kan batun ko ya taɓa kira. In kina da yaran shago masu ɗaukar waya su ma su rubuta. Saƙonnin WhatsApp ma ki haɗa da su.

Kalmominsa nake jaddadawa saboda ke za ki rubuta "ƙa'idojin mayar da kaya", shi kuwa abin da ke ransa "in ya zo a karye fa?" Ido abin da ke cikin rai yake nema. In bai ga irin maganarsa ba, zai wuce ta kan amsar bai san ya wuce ba.

Wata Tela: Bari in yi magana a matsayin mai saye, tunda ni na taɓa sayen keke ban gan shi ba. Na kira mai kayan sau huɗu ko biyar, kuma gaskiya rabin tambayoyin na san amsarsu. So nake in ji muryar mutum. In ya ɗauka yau, ya ɗauka gobe, maganarsa ba ta canza ba, sai hankalina ya kwanta cewa ba zai gudu da kuɗina ba. Babu rubutun da zai ba ni wannan.

Baban Amira: Malama kin faɗi gaskiya, kuma wannan kiran na farko kada a yi ƙoƙarin kashe shi, ciniki ne. Amma ki tuna, me ya sa sau biyar ba sau ɗaya ba?

Wata Tela: Saboda duk lokacin da na ajiye waya sai wani tsoron ya taso. In na tura kuɗi bai turo kaya ba fa? In ya lalace a hanya wa zai ɗauki asara? In motar keken ta ƙone bayan wata biyu? Kuma kunya nake ji in tambaye shi kai tsaye, sai in fake da tambayar launi ko nauyi.

Baban Amira: Hajiya Maman Khalil ki kwafe wannan maganar ki ajiye. Tambayoyin da suka fi gina amincewa su ne waɗanda mai saye ke jin nauyin yi miki ido da ido. Ba za su fito sosai a littafinki ba, sai dai ki gane su ta bayan fage. Ke za ki yi su a madadinsa, ki amsa.

Yaron Alhaji: Wai mutum ya rubuta da hannunsa "in kun gudu da kuɗina fa"? Ai tuna wa mutane za ka yi da abin da ba su yi tunani ba.

Wata Tela: Ƙanena babu wanda zai tura wa baƙo kuɗin keke bai yi wannan tunanin ba. Tun kafin ya buɗe shafin yana ransa.

Maman Khalil: Na dawo da sakamakon littafi, ku yi haƙuri da jinkiri. A mako biyun, kira da saƙonni 84 ne, oda kuma 30. Ga yadda suka kasu:

31 a kan yaushe zai iso, ko "ina kayana suke yanzu". 17 a kan "kun ga kuɗina?" 12 a kan garanti da lalacewa, cikinsu har da mutum huɗu da suka kira da faɗa wai tsohon keke na aika musu. 9 a kan haɗawa da zuba mai. Sauran 15 kowa da tasa.

Abin da ya ba ni mamaki, cikin 28 ɗin da na rubuta, 19 ko mutum ɗaya bai tambaye su ba. Kuma fiye da rabin masu kiran sun riga sun biya.

Baban Amira: Madalla. Yanzu muna da abin aiki. Lissafin farko: 84 a raba da 30, kusan kira uku ke nan a kan kowace oda. Wannan lambar za ki riƙa aunawa, ba jimillar kira ba. In ciniki ya ƙaru kira zai ƙaru, sai ki zaci gyaran bai yi aiki ba alhali ya yi.

Na biyu, kuma nan ne iyakar shafin. Ki raba 31 ɗin nan gida biyu. Wanda bai biya ba yana tambayar "kwana nawa kuke ɗauka", wannan tambaya ce ta kowa, shafi zai amsa ta. Wanda ya biya yana tambayar "ina nawa yake", wannan tasa ce shi kaɗai, kuma duk iya rubutunki shafi ba zai san inda kekensa yake ba. Haka 17 ɗin masu "kun ga kuɗina". Maganinsu saƙo ne da zai riga su: ɗaya idan kuɗi sun shigo, ɗaya idan kaya sun tashi, da lambar bibiyar kayan da ranar da ake sa ran isa. Abin da shafin zai yi shi ne ya yi alkawarin waɗannan saƙonnin, ya faɗi lokacinsu, domin mutum ya san shirun da yake ji na ƙa'ida ne ko na matsala.

Gaya min gaskiyar yadda aikinki yake tafiya. Daga biya zuwa tashin kaya kwana nawa? A hanya fa?

Maman Khalil: In kuɗi sun shigo kafin azahar, yawanci ranar muke ɗaurewa, washegari ya tashi. A cikin gari kwana ɗaya ko biyu. Wasu garuruwan uku, wani lokaci biyar. Manyan kekunan sun fi daɗewa saboda teburi da ƙafa daban ake ɗaure su, sukan kai mako. Ba ma aiki ranar Lahadi.

Baban Amira: To duk wannan yana kanki amma kika rubuta "cikin gaggawa". Ga yadda ni zan sa shi:

Kwana nawa kafin keken ya iso? A cikin gari kwana 2 zuwa 3, sauran garuruwa kwana 4 zuwa 6, babban keke mai teburi har kwana 8. Lissafin yana farawa ne daga ranar da muka tabbatar da kuɗinka, kuma ba a ƙirga Lahadi. Za mu turo maka saƙo cikin awa 3 na lokacin aiki bayan kuɗi sun shigo, da wani saƙon ranar da kaya suka tashi, ɗauke da lambar bibiya. In ranar ƙarshe ta wuce kaya ba su zo ba, turo lambar odarka ta WhatsApp, za mu gaya maka inda suke a ranar.

Ki lura lamba ce ta fara zuwa. Sannan daga yaushe ake ƙirgawa, don rigima da yawa daga nan take: shi yana ƙirgawa daga daren da ya tura kuɗi, ke kina ƙirgawa daga ranar da mota ta tashi. Sannan abin da zai yi in abu ya saɓa. Ban hana shi tuntuɓar ki ba, na dai gaya masa yaushe, ta wace hanya, da me zai riƙo a hannu.

Maman Khalil: Amma Malam ka ƙara kwana a kan abin da na faɗa. Ba zai kori masu saye ba? Wasu suna rubuta kwana biyu ko'ina.

Baban Amira: Kwanan ɗaurewa na haɗa, tunda shi ma jira ne a wurin mai saye. Kuma ki rubuta abin da kike cikawa sau tara cikin goma, ba abin da ya taɓa faruwa ranar da komai ya tafi daidai ba. In kin ce shida ya zo a huɗu, kin zama mai alkawari. In kin ce uku ya zo a huɗu, keken ɗaya ne, ranar ɗaya ce, amma kin zama maƙaryaciya kuma ga kira biyu. Za ki iya rasa mai gaggawa ɗaya-ɗaya, ban musa ba.

Kuma abin da aka rubuta alkawari ne da za a iya riƙe ki da shi. A Amurka dokar hukumar kula da ciniki ta FTC ta ce mai sayarwa ta intanet ko waya ya tura kaya a lokacin da ya faɗa, in bai faɗi lokaci ba to cikin kwana 30, in ya kasa sai ya nemi yardar mai saye ko ya mayar da kuɗi. A Tarayyar Turai wanda ya sayi kaya daga nesa yana da kwana 14 na fasa ciniki ko da babu dalili, da garantin doka na shekara 2. Kowace ƙasa da tata, don haka kafin mutum ya rubuta "ba ma karɓar kaya in an saya" ya duba dokar inda yake, shafi ba ya soke doka.

Hajiya Mai Labule: Ni tawa matsalar daban ce. Labule nake ɗinkawa a kan awon da mutum ya turo. In bai yi daidai da tagarsa ba, ba zan iya karɓa ba, wa zan sayar wa? To in rubuta ƙarara cewa ba na karɓa? Tsoro nake kada su gudu.

Baban Amira: Hajiya ki rubuta, tare da dalili da mafita a jimla ɗaya: ba a mayar da abin da aka ɗinka a kan awon mutum, sai in kuskuren daga wurinki ne, shi kuwa za ki sake ɗinkawa kyauta. Sai ki biyo da yadda ake auna taga, da hoto. Ko a Turai mai kwana 14 ɗin nan, kayan da aka yi musamman a kan buƙatar mai saye an cire su daga wannan haƙƙin. "A'a" da aka faɗa kafin biya ba ta kawo faɗa. Wadda aka ji bayan biya ita ke kawowa.

Hajiya Mai Labule: Hoton awo na da shi tuntuni, amma har yanzu suna auna gilashi maimakon sandar labule.

Wata Tela: Hajiya ki ce su turo miki hoton tef ɗin awo a jikin sandar kafin ki yanka. Ni haka nake yi da masu turo awon riga.

Maman Khalil: Mu koma kan garanti don Allah. Ga abin da nake yi a zahiri: shekara ɗaya a kan kan keken, wata shida a kan mota. Allura da bel da fitila ba sa ciki, su kayan cinyewa ne. In wuta ce ta ƙona mota, ba ruwana. In ya iso a karye ina canzawa, amma an sha yi min wasa, mutum ya yar da shi bayan mako ya ce haka ya zo.

Baban Amira: To tambaya biyu ce, kada ki haɗa su, domin mutum biyu ne daban ke nemansu a lokaci daban.

In keken ya iso a karye fa? Za mu canza maka, kuɗin aike a kanmu. Ka ɗauki bidiyo lokacin buɗe kwalin tun kafin a yanke tef, ka turo cikin awa 48 da karɓa. Bayan awa 48 sai dai a bi ta hanyar garanti.

Me garanti ya ƙunsa? Kan keke shekara 1, mota wata 6, daga ranar da ke kan rasit. Bai haɗa da allura, bel da fitila ba, bai kuma haɗa da motar da hawan wuta ya ƙona ba. Sai ki faɗi wa ke biyan kuɗin kawo shi gyara, da kwana nawa gyaran ke ɗauka. Waɗannan biyun ba ki gaya mana ba.

Maman Khalil: Gaskiya ba ni da tsayayyar ƙa'ida a kai. Wani lokaci ni nake biya, wani lokaci mu raba, ya danganta da mutum.

Baban Amira: To a nan ba matsalar rubutu ba ce, shawara ce ba ki yanke ba. Yawancin amsoshin da ke fitowa a dunƙule haka ne asalinsu, mai kayan bai tsayar da magana ba sai ya ɓoye a bayan "a tuntuɓe mu". Ki zauna ki yanke. In kina so ki yi wa wani alfarma fiye da abin da aka rubuta, babu mai hana ki. Ƙasa da shi ne ba ya yiwuwa. Kuma duk mai ɗaukar waya a shagonki ya faɗi abin da ke rubuce, don in shafi ya ce wata shida yaro ya ce shekara, daga ranar kowa zai riƙa kira ya ji ta bakin mutum.

Masu cewa tsohon keke kika aika musu fa, me suka gani?

Maman Khalil: Ƙyallen gwaji. Sabon keke yakan zo da ɗan yanki a ƙarƙashin ƙafar matsewa, da ɗinki a jiki, da ragowar zare, wani lokaci da ɗigon mai. A masana'anta ake gwada shi. Wanda bai sani ba sai ya ce an yi amfani da shi.

Baban Amira: Wannan ita ce tambaya mafi daraja a duk littafin, kuma babu inda za ki kwafo ta. Ki rubuta ta yadda suke faɗa: "Na ga ƙyalle da zare a jikin keken, tsoho ne?" Ki sa hoton ƙyallen. Wanda bai saya ba ma in ya karanta zai gane ya faɗo hannun wadda ta san kayanta. Amma ita da maganar mai, wurinsu na farko ba shafi ba ne. A ina mutum yake lokacin da tambayar ta taso masa? Yana tsugune gaban kwali. To takarda guda a saman kayan, abin da hannunsa zai fara taɓawa.

Wata Tela: Musamman ta man nan. Babban keke ba ya zuwa da mai a kwanonsa, sai ka zuba har ya kai tsakanin alamun HIGH da LOW kafin ka kunna. Na san wadda ta kunna a bushe ta yi ta gudu da shi. A rubuta da manyan baƙi.

Mai Haɗa Shafi: Malam yanzu ka kwashe rabin amsoshin ka kai saƙo da kwali. Ka zo kan maganar gwamnatin Birtaniya ke nan. Masu kula da shafinta na GOV.UK tun 2013 suka rubuta cewa su ba sa yin shafin tambayoyi, wai sauƙi ne ga marubuci, wahala ga mai karatu, kuma maimaita abin da ya kamata ya kasance a wurinsa ne. To me zai hana ta goge shi gaba ɗaya?

Baban Amira: Rabin hujjarsu na karɓa: kwanakin isowa su fito kusa da maɓallin saye, garanti a jikin bayanin kowane keke. Amma ƙaramin ɗan kasuwa da yawancin cinikinsa ta saƙo ake yi yana buƙatar wuri ɗaya da zai tura mutum, wanda kuma baƙo zai karanta ya auna shi kafin ya yi magana. Haɗarin da suka hango gaskiya ne: amsa ɗaya a wuri huɗu, ka gyara ɗaya ka manta uku. Don haka shafin ya zama uwa, sauran daga gare shi ake kwafa, a sa ranar gyara ta ƙarshe a ƙasa. A WhatsApp Business akwai Quick replies, ka ajiye amsa, in ka danna / sai ta fito. Ta zuba amsoshin nan a ciki kalma da kalma.

Mai Haɗa Shafi: Ni dai da ni ne gogewa zan yi. Amma tunda za a bari, kada a naɗe amsoshin sai an danna kowace ta buɗe, in ba su wuce goma ba. A bar su a buɗe, a gwada a ƙaramar waya.

Hajiya Mai Labule: Waɗanda karatu ke yi musu wuya fa? Ni kwastomomina da yawa saƙon murya suke turowa.

Maman Khalil: Ni ma haka. Ina tunanin in ɗauki manyan amsoshin huɗu da muryata, kowace ƙasa da minti ɗaya, in riƙa turawa tare da rubutun. Ga jerin da na tsaya a kai, guda tara: kwanakin isowa, yadda zan tabbatar da kuɗi, ko ana iya biya bayan an ga kaya, isowa a karye, garanti, ƙyallen gwaji, zuba mai, wutar da mota ke ja ga masu inbata, da inda ake samun kayan gyara. Kuɗin kawo gyara na yanke: wata uku na farko ni, bayan nan mai keke. Saura lambar waya. In sa ta a sama ko can ƙasa bayan amsoshin?

Mai Haɗa Shafi: Ƙasa. In tana sama babu mai karantawa, dannawa kawai za su yi.

Wata Tela: Ni in na buɗe ban ga lamba nan take ba, fita nake. Mai ɓoye lamba ba na tura masa kuɗi.

Baban Amira: Ni na fi karkata ga sama, tare da lokutan da ake ɗauka. Amma littafin yana hannunki Hajiya. Ki sa ta a sama wata ɗaya, ki ci gaba da rubuta kira, ki raba da yawan oda. Ki duba masu biya da waɗanda ba su biya ba daban-daban, don kiran waɗanda suka riga suka biya ne muke so ya ragu.

Yaron Alhaji: Anti wannan ta "biya bayan an ga kaya" me kika rubuta a amsar? Ni ita ce ke kashe ni.

Maman Khalil: Na rubuta a cikin gari eh, ga ƙananan kekuna. Wajen gari a'a, amma ana iya ba da rabi kafin alƙalami, a cika ranar da na turo bidiyon ɗaure kayan da sunan mutum a jikin kwali. Ban sani ba ko rabin ya yi yawa, mutum biyu sun riga sun nemi a rage zuwa kashi ɗaya cikin uku.